STEP zan tura ko DXF? Ƙarfe 12 sun ƙi shiga firem

Nasiru Agege: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara cikin gaggawa. Wani kwastoma ya ba ni aikin maɗorin batirin infata. Na zana tire mai siffar U a manhajar SolidWorks, faleti mai kaurin milimita 3, faɗinsa daga waje 200, kunnuwan biyu 50-50, tsawo 400. Guda 40. Na fitar da DXF na shimfiɗaɗɗen ƙarfen na tura wa wani shagon leza a Oregun tare da PDF. Sun yanka duka, sun lanƙwasa 12 kafin janaretansu ya tsaya. Yau na ɗauko ukun farko na kai wurin mai walda, ko ɗaya bai shiga firem ba. Cikin firem ɗin 201 ne, tiren kuma ya fito 201.6. Mai shagon ya ce laifin fayil ɗina ne, wai da STEP na turo da haka ba ta faru ba. Amma shi da bakinsa ya ce in turo DXF tun farko. Yanzu wanne ne daidai?

Sadik: Wa alaikumus salam. Mutumin ya faɗa maka gaskiya ko da a makare. DXF tun 1982 ake jansa, kayan kakanni ne. STEP kuwa ƙa'idar duniya ce, ISO 10303, kowace manhaja tana buɗe shi. Ni duk aikin da nake yi wa mutanen waje STEP nake turawa, ban taɓa jin ƙorafi ba. Ka daina DXF kawai ka huta.

Malam Shu'aibu Idi-Araba: Ƙanena duba inci da milimita. Ni ma ta taɓa cina. Na tura zanen ƙofa aka buɗe aka ga ta koma kamar tafin hannu.

Oga Ɗanlami: Malam Shu'aibu ba wannan ba ce. Da inci ne, da ƙarfen ya ninka sau 25.4 ko ya ragu haka, ba wanda zai kai ga yankawa bai gani ba. Milimita ɗaya da rabi ba ciwon inci ba ne. Nasiru, nawa ne faɗin shimfiɗaɗɗen a DXF ɗinka? Kuma ka auna kunnuwan?

Nasiru Agege: Oga 290.14 ne a fayil. Na auna wanda ba a lanƙwasa ba da baniya, 290.1 ya ba ni. Kunnuwan waɗanda aka lanƙwasa 50 cif suke, hagu da dama.

Oga Ɗanlami: To leza ba ta yi laifi ba, abin da ka ba ta ta yanka. Sai Injiniya ya zo ya yi maka lissafin, ni hannuna da baƙin mai.

Injiniya Bala: Na shigo, gosulon Ojota ne ya riƙe ni. Nasiru, ba sai ka faɗa mini ba, `K-Factor` ɗinka 0.5 ne kuma ka sa gwiwar ciki 3. Haka ne?

Nasiru Agege: Wallahi haka ne Baba. Yadda na samu manhajar na bar ta. Ya aka yi ka sani?

Injiniya Bala: Daga 290.14 ɗin. Bari in bi da kai a hankali, don abin da ya same ka shi ne ainihin amsar tambayarka.

Idan aka lanƙwasa ƙarfe, bayan gwiwar yana miƙewa, cikinta yana matsewa. A wani wuri tsakanin biyun akwai layin da bai miƙe ba bai matse ba. Lambar K tana faɗa wa manhaja inda layin nan yake a cikin kaurin. In ka ce 0.5, ka ce yana tsakiya cif. A ƙarfe na gaske yakan matso ciki, musamman idan gwiwar ba ta fi kaurin faletin girma ba, kamar taka.

Tsawon ƙarfen da gwiwa ɗaya ta digiri 90 ke cinyewa shi ne BA, R gwiwar ciki ce, T kuma kaurin faleti:

```
BA = 1.5708 x (R + K x T)
K = 0.50 : 1.5708 x (3 + 1.50) = 7.07
K = 0.33 : 1.5708 x (3 + 0.99) = 6.27
```

Bambancin 0.8 ne a kowace gwiwa. Kai gwiwa biyu gare ka, 1.6 ke nan. Manhajarka ta ce a yanka 290.1, injin mutumin Oregun kuma 288.5 yake buƙata kafin ya ba ka 50, 200, 50. Rarar nan ta 1.6 dole ta sauka wani wuri. Mai lanƙwasawa ya saita injinsa don kunnuwa su fito 50 daidai, sai duk rarar ta taru a tsakiya. Ga 201.6 ɗinka.

Yanzu ka ga inda fayil ya shigo cikin maganar. Lokacin da ka danna ka fitar da DXF, ka riga ka yanke hukunci a kan yadda injin wani zai lanƙwasa ƙarfe, injin da ba ka taɓa gani ba. DXF ɗin bai ɗauki tiren da kake so ba, ya ɗauki zatonka ne game da shi. Ba kauri a ciki, ba gwiwa, ba K. Layuka ne kawai a kwance. Duk wanda ya karɓa ba shi da hanyar sanin cewa 290.14 zato ne. STEP kuwa yana ɗauke da ƙarfen kamar yadda zai kasance bayan an gama, da 200 ɗinsa da 50 ɗinsa, sai mai injin ya shimfiɗa shi da lambar da ya san injinsa na bayarwa.

Sadik: To ai abin da na faɗa ke nan Baba. STEP.

Oga Ɗanlami: Sadik, ka taɓa tsayawa a bayan injin leza? Injina ba ya cin STEP. Manhajar da ke jera zane a kan faleti layi take so, DXF. In ka turo min STEP dole wani ya zauna ya buɗe, ya shimfiɗa, ya fitar da DXF ɗin da kake zagi, sannan a yanka. Mutanen wajen da kake yi wa aiki suna da mai yin wannan da manhajar yinsa. A nan Legas shago nawa ne ke da shi? Wasu yaro ɗaya ne da tsohuwar kwamfuta da AutoCAD. Ka tura masa STEP ya kira ka ya ce fayil ya lalace.

Sadik: AutoCAD ai yana shigo da STEP, akwai `IMPORT`.

Oga Ɗanlami: Ya shigo da shi, sai me? Ya ga tire a tsaye yana jujjuya shi. AutoCAD ba zai shimfiɗa masa ba. Ƙarshe zai ɗauki kalkuleta ya haɗa 50 da 200 da 50 ya cire abin da ya saba cirewa. Wani lokaci ma hakan ya fi daidai, ban musa ba, amma ba STEP ne ya yi aikin ba, kansa ne.

Injiniya Bala: Ku biyun kowa ya riƙe ƙafa ɗaya. Tambayar da Nasiru ya kamata ya yi wa mai shagon tun ranar farko ita ce: wa zai shimfiɗa, ni ko kai? In shi ne, a ba shi STEP. In kai ne, ka nemi lambarsa kafin ka fitar da DXF. In kuma aikin ba lanƙwasa a ciki, faleti ne kawai da ramuka, to tura STEP wahalar da mutane ne, DXF ya wadatar.

Nasiru Agege: Baba in na nemi lambar ya ce bai sani ba fa? Don na san halin wurin, "kawo kawai za mu yi" ne.

Injiniya Bala: Sai ka ciro ta da kanka, ba ta wuce minti goma. Ka sa a yanko maka ɗan ƙarfe mai tsawon 100 daga faletin da za a yi aikin da shi. A lanƙwasa shi a tsakiya, a kan bakin V na injin lanƙwasa, wanda za a yi amfani da shi ranar aikin. Ka auna ƙafa biyun daga waje ka haɗa. Misali ka samu 52.9 da 52.8, jimla 105.7. Cire 100, saura 5.7. Shi ne abin da za ka rage a kowace gwiwa. A SolidWorks ba sai ka wahalar da kanka da K ba, ka zaɓi `Bend Deduction` ka rubuta 5.7. Gwada: 300 a cire 11.4, 288.6. Ka ga mun dawo inda muka tashi.

Na ce daga faletin da za a yi aikin da shi, kuma da gangan na faɗa. Na sha sayen faletin da aka ce min 3 ne a kasuwar ƙarfe, na sa baniya na ga 2.8. Kuma gwiwar da ka zana 3 ba lallai ita za ta fito ba. Yawancin shaguna ba sa danna ƙarfe har ƙasan V, don haka faɗin bakin V ne ke yanke girman gwiwa. Baki mai 24 a kan ƙarfe baƙi zai ba ka wajen 4, ba 3 ba. Don haka 0.33 da na sa a sama ba wata lamba ce mai tsarki ba, ita ce kawai ta dace da abin da ka auno. Gobe su canza V, ta canza.

Hajiya Rabi Akitek: Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ku yi haƙuri, duk wanda ya turo min STEP zan mayar masa. A ɓangarenmu na gini DWG, fayil ɗin AutoCAD, shi ne harshen kowa, daga mai lissafin ƙarfen gini har mai wayarin. Ina buƙatar leya-leya, rubutu, ma'aunai, da shafukan bugawa. STEP ba ya kawo min ko ɗaya yadda zan yi aiki da su. Watan jiya wani yaro ya zana mana matakalar ƙarfe ta wani gida a Lekki ya turo STEP, wai in ɗora a kan fulan. Na ce masa ɗana, ka yanko min ita daga sama da gefe ka turo a DWG, ka ajiye sauran wa maƙeri.

Amma shi ma DWG ɗin yana da nasa ciwon kan. Ka tura wa mutum ya buɗe ya ga rabin gini babu, saboda zanen yana jingine da wasu fayilolin da suka rage a kwamfutarka. Ko rubutu ya koma alamar tambaya don ba shi da irin harafinka. Yanzu ba na tura komai sai ta `ETRANSMIT`, ya tattara min duka a ƙunshi ɗaya.

Malam Shu'aibu Idi-Araba: Hajiya ni kuma nawa cewa yake yi wai fayil ɗin na sabon zubi ne, ba zai buɗu ba. AutoCAD 2010 gare ni. Na zata bairos ne har na kai kwamfutar Ikeja aka wanke.

Injiniya Bala: Ayya Malam, an ci kuɗinka a banza. Tsarin DWG yana canzawa ne lokaci-lokaci: 2000, 2004, 2007, 2010, 2013, 2018. Tsohuwar manhaja ba ta karanta sabon tsari. Kana iya ganewa ba tare da AutoCAD ba. Buɗe DWG ɗin da Notepad, za ka ga tarkace, amma haruffa shida na farko suna karantuwa. `AC1024` na 2010 ne, `AC1027` na 2013, `AC1032` na 2018. In ka ga ɗayan biyun ƙarshe, ka roƙi mai turowa ya yi `SAVEAS` ya zaɓi 2010, ko ka sauke DWG TrueView ko ODA File Converter, duka kyauta ne, su mayar maka da shi baya.

Sadik: Kun ga abin da nake faɗa? DWG mallakar kamfani ɗaya ne, Autodesk, in sun ga dama su canza, kowa ya bi. Sauran manhajoji ma sai da aka kafa ƙungiya ta musamman don tono yadda ake karanta shi. STEP ɗin da aka ajiye shekara ashirin da suka wuce yau zai buɗu.

Injiniya Bala: Nan ka yi gaskiya, ban da ja. Amma kar ka haɗa DXF da DWG a tukunya ɗaya. DXF shi ma na Autodesk ne, sai dai tun asali don musaya aka yi shi, sun wallafa bayanin tsarinsa, kuma rubutu ne da ido ke karantawa. Shi ya sa ko manhajar ƙaramin injin filasma tana cinsa.

Kuma tunda ka matsa, bari in faɗi abin da STEP ke zubarwa a hanya. Ka buɗe STEP ɗin tiren Nasiru a wata kwamfutar, za ka samu dunƙulen ƙarfe guda, sau da yawa da suna `Imported1`. Tarihin yadda aka gina shi ya tafi. Bai san kansa a matsayin faletin da aka lanƙwasa ba, sai ka sake gaya masa da `Insert Bends` ko `Convert to Sheet Metal`. In mai zanen ya yi ganganci, kaurin bai zama ɗaya ko'ina ba, ko gwiwar waje ba ta kai ta ciki haɗe da kauri ba, shimfiɗawar za ta ƙi. Ramin da ka yi niyyar a yi masa zaren M8 yakan iso a matsayin rami sumul. Sannan babban abu: bai faɗa wa kowa cewa 200 ɗin nan ita ce rai ba, 50 kuma ko oho. Zubin STEP na AP242, wanda ya fito 2014, yana iya ɗaukar irin wannan bayani a jikin zanen, amma sai mai fitarwa ya sa shi, mai karɓa kuma manhajarsa ta iya nunawa. Ni a shagunan da nake hulɗa da su ban dogara da hakan ba. AP214 nake fitarwa don yana riƙe launi, sauran bayani in sa a PDF.

Oga Ɗanlami: Yawwa Injiniya, ka zo inda nake jira. Nasiru, a PDF ɗinka ka nuna cewa 200 kar ta wuce?

Nasiru Agege: A'a Oga. 50, 200, 50 kawai na rubuta.

Oga Ɗanlami: To mai lanƙwasawa ba boka ba ne. Kunne shi ne abin da ya fi sauƙin saitawa, ka tura bakin ƙarfe ya dafa madogarar baya ka taka. Kowa daga nan zai fara. Da ka rubuta "200, kar ya wuce 200.5, zai shiga firem", da ya auna na farko ya kira ka.

Hajiya Rabi Akitek: Amma Oga Ɗanlami tsakani da Allah, ko ba a rubuta ba, mutum ya lanƙwasa 12 bai auna tsakiyar ko ɗaya ba? An rubuta 200 ya ba da 201.6. Ni a wurina shi ma yana da kaso.

Oga Ɗanlami: Yana da shi Hajiya. Ni yarana na farko ake aunawa ta ko'ina kafin a taɓa na biyu. Ina dai cewa in aka je gaban mai shagon zai ce faɗin da aka ba shi ba zai taɓa ba da 50, 200, 50 ba, kuma gaskiyarsa ce.

Nasiru Agege: Akwai layukan lanƙwasa a cikin DXF ɗin fa, na bar su a leya daban. Da ya bi su?

Injiniya Bala: Da ya bi su da rarar ta rabu. Kowace gwiwa ta ba kunne 0.4 ta ba tsakiya 0.4. Ka samu kunnuwa 50.4, tsakiya 200.8. Da ya shiga firem ɗinka da ƙyar, kafin fenti. Bayan fenti kuma sai addu'a. Wato da ka tsira bisa sa'a ba ka san akwai matsala ba, sai ranar da ka zana akwati mai gwiwa huɗu a jere ka ga 3.2.

Amma bar wannan, ga abin da ya fi muhimmanci yau. Guda 28 ba a lanƙwasa ba. Kira su yanzu kar wuta ta dawo su ci gaba. Ka ce a tura rarar zuwa kunnuwa, kowanne ya zama 50.8, tsakiya ta fito 200. Akwai ramuka a kunnuwan?

Nasiru Agege: Akwai, biyu-biyu, 9 ne don kusar M8. Na kira su, sun ce ba su taɓa sauran ba, alhamdu lillahi.

Injiniya Bala: To ramukan za su haura da 0.8 daga gindin tiren. Kusa 8 a rami 9 tana da wasan 0.5 kowane gefe. In na firem ma 9 ne, jimlar saɓanin da za su jure 1.0 ne, ka ga 0.8 ta kusa cinye shi, kuma mai walda bai sa nasa kuskuren ba tukuna. In an riga an huda firem, ka buɗa na tiren zuwa 10 ka sa washa. In ba a huda ba, ka ɗora tiren ka yi alama daga jikinsa.

Malam Shu'aibu Idi-Araba: Sha biyun fa, ba za a miƙe su a sake ba?

Oga Ɗanlami: Kar ma a fara. Wurin gwiwar ya riga ya taurare, in ka miƙe zai bar tudu, ka sake lanƙwasawa kusa da shi ya tsage ko ya karkace. Ko dai a yanka sababbi, faleti ɗaya na ƙafa 4 da 8 yana ɗaukar 24 irinsu, rabin faleti ke nan, ko in akwai firem ɗin da ba a yi wa walda ba a buɗa shi zuwa 202.5 a zuba su can.

Nasiru Agege: Firem biyar ne, kowanne tire takwas, uku an gama. Zan yi magana da mai walda a kan sauran biyun. Amma don gaba, in na fahimta, in tura duka ukun ke nan? STEP da DXF da PDF?

Sadik: Ni ban yarda da tura biyu ba. Ranar da ka gyara rami ɗaya a STEP ka manta ba ka sake fitar da DXF ba, ka haifi gaskiya biyu. Mai shago zai ɗauki wanda ya fi masa sauƙi, kuma tsohon zai ɗauka. Ta faru da ni a kan wani murfin injin, ramuka huɗu suka koma inda suke a zanen makon da ya wuce.

Injiniya Bala: Wannan haɗari ne na gaske. Ni duk da haka ukun nake turawa, amma da sharaɗi. Sunan kowanne yana ɗauke da lambar gyara iri ɗaya, kamar `tire_R3.step`, `tire_R3.dxf`, `tire_R3.pdf`, kuma a zama ɗaya nake fitar da su. A PDF ina rubuta wanne ne shugaba. In ban gwada injinsu ba, sai in rubuta cewa DXF don lissafin kuɗi ne kawai, kar a yanka da shi.

Oga Ɗanlami: Injiniya ka yafe ni, wannan rubutun ba mai karanta shi. Fayil ya shigo ta WhatsApp ƙarfe tara na dare, yaro ya ga DXF ya jefa a injin da safe. In ba ka so a yanka da shi kar ka turo shi.

Injiniya Bala: To ya za ka ba ni farashi ba tsawon yanka?

Oga Ɗanlami: In ba ka na ƙiyasi daga PDF. Milimita biyu ba ta canza kuɗi.

Hajiya Rabi Akitek: Ku manya kun bar yaro a tsakiya.

Injiniya Bala: Haka ne Hajiya. Nasiru, wannan kai za ka duba mutanen da kake aiki da su ka zaɓa. Abin da ba mu saɓa a kai ba shi ne DXF ɗin da za a yanka ya fito bayan gwajin ɗan ƙarfen nan, ba kafinsa ba.

Oga Ɗanlami: Kuma in za ka turo shi ka share min shi don Allah. Girma ɗaya bisa ɗaya, ba firem ɗin takarda, ba ma'aunai, ba sunanka a kusurwa, don injin duk layin da ya gani yanka ne. Layi biyu a kan juna leza za ta bi sau biyu ta ƙona bakin, ka yi `OVERKILL`. Kewayen ya rufe ruf, in akwai ɗan giɓi ko na 0.05 manhajar ba ta san ciki da waje ba, sai ta sa hujin farawa a jikin kayanka maimakon cikin abin zubarwa. Layin lanƙwasa a leyarsa, ka gaya min a zana shi ne ko a bar shi.

Malam Shu'aibu Idi-Araba: Oga ni an ce min kullum in ajiye DXF a tsohon zubin R12, wai shi ne kowane inji ke ci. Amma furannin ƙofofina suna fitowa da gaɓa-gaɓa, injin yana ta tsayawa kamar mai tari.

Injiniya Bala: R12 bai san `SPLINE` ba, bai san `ELLIPSE` ba, daga baya aka kawo su. Don haka in ka ajiye a R12 sai a daddatsa lanƙwasar furen zuwa ƙananan layuka, injin yana rage gudu a kowace gaɓa. Gwada 2000 ko 2004 ka gani ko manhajar injin za ta karɓa. In ta ƙi, a mayar da lanƙwasar zuwa baka-baka kafin a fitar, ba miƙaƙƙun layuka ba.

Kuma ƙofarka da ta koma tafin hannu, ga dalilinta. Lambobin cikin DXF tsirara suke, 100 kawai, ba a ce na mene ne ba. Akwai wuri ɗaya a saman fayil da ke faɗa:

```
  9
$INSUNITS
 70
     4
```

4 milimita ce, 1 inci, 0 ba a faɗa ba. R12 ba shi da wannan layin sam, wasu manhajojin kuma ko yana nan ba sa dubawa. STEP a nan ya fi, in ka buɗe shi da Notepad ka nemi `SI_UNIT(.MILLI.,.METRE.)` za ka gani a rubuce, kuma masu karanta shi suna bi. Shi ya sa duk DXF da zan tura nake rubuta faɗi da tsawonsa a cikin saƙon, mai karɓa ya auna kafin ya jera.

Sadik: Ɗaya bisa ɗaya ke nan, STEP ya ci wannan.

Oga Ɗanlami: Ya ci. Ka zo da shi shagona gobe ka sa a injin mu gani.

Nasiru Agege: Na dawo daga Oregun. Mun yi gwajin da guntun da ya rage, 105.6 muka samu, ba 105.7 ba, faletin kuma 2.9 ne. An lanƙwasa ɗaya da kunne 50.8, tsakiya ta ba da 199.9, na kai ya shiga. Mai walda ya yarda zai buɗa firem biyun da suka rage, sha biyun su shiga can, sauran gurabe huɗu a cike gefensu da washa. Mai shagon dai ya ce ba zai rage ko sisi ba, wai shi abin da aka turo ya yi. Na tambaye shi in na kawo STEP nan gaba wa zai shimfiɗa, ya ce akwai wani yaro da ke zuwa ranar Talata da Juma'a.

Hajiya Rabi Akitek: Ka karɓi lambar yaron.

Oga Ɗanlami: Ka kuma tambayi wane V suka sa yau ka rubuta a bayan PDF ɗin. Mako mai zuwa za ka tarar sun ɗora wani.